Filin Da Ya Ɓace a Cikin Lissafi

Ku ɗauki takardar giraf ku zana layi biyu, y = x da y = x³, daga x = −1 zuwa x = 1. Na farko miƙaƙƙe ne ɗoɗar. Na biyu kuwa lanƙwasa yake yi, yana wa na farkon kaɗe-kaɗe kamar igiyar da ta naɗe sanda. Za ku ga sun haɗu a wuri uku, kuma sun rufe wasu filaye biyu masu kama da ganye, ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Ku shafe ganyen biyu da fensir. Fili ne na gaske, ido yana ganinsa, fensir ma ya ci a kansa.

Yanzu ku nemi girman filin ta hanyar da aka fara koya muku: a ɗebe layi ɗaya daga ɗaya, a yi intigireshan daga farko zuwa ƙarshe. Intigireshan ɗin x − x³ shi ne x²/2 − x⁴/4. Idan aka sa 1, ana samun 1/2 − 1/4, wato 1/4. Idan aka sa −1, 1/4 ɗin dai ake samu. A ɗebe wannan daga wancan, saura sifili.

Fili yana kwance a gabanku, lissafi ya ce babu komai. Shekara da shekaru ina koyar da lissafi mai zurfi a manyan azuzuwan sakandare, kuma har yau ban ga darasin da ke sa aji yin tsit kamar wannan ba. Wasu su koma su sake lissafin sau uku, suna neman inda suka yi tuntuɓe. Babu tuntuɓe a ciki. Kowane mataki daidai ne. Abin da ya faru shi ne, an yi wa intigireshan wata tambaya, ya amsa ta tsakani da Allah, amma ba ita ce tambayar da ke ranmu ba.

Don a gane wannan sai a tuna abin da intigireshan yake yi tun asali. Yana yanka fili ne sirara-sirara a tsaye, kamar kunyoyin gona, ya auna tsawon kowace kunya, ya ninka da ɗan faɗinta, sannan ya tara duka. Ita kanta alamar ∫ harafin S ce da aka miƙe, wadda Bajamushen nan Leibniz ya fara amfani da ita a 1675 don nuna jimla. Tsawon kowace kunya tsakanin layi biyu shi ne na sama a ɗebe na ƙasa. Muddin wanda kuka kira na sama yana sama, tsawon zai fito lafiya. Amma da zarar layukan sun gitta juna, na saman ya koma ƙasa, ku kuma kun ci gaba da ɗebewa yadda kuka faro, to kuna ɗebe babba daga ƙarami ne. Kowace kunya daga nan za ta fito da mainos. Shi intigireshan bai san ana maganar fili ba. Lambobi aka ba shi, masu fulos da masu mainos, ya haɗa su wuri ɗaya, suka cinye juna. A misalinmu ganyen dama ya ba da 1/4, na hagu ya ba da −1/4, shi ya sa aka tashi a tutar babu. Girman filin na gaskiya 1/4 ne da 1/4, wato 1/2.

Duk lokacin da na zo nan, gonar kakana ce ke faɗo mini a rai. Wani ɗan rafi ne iyakarta da ta maƙwabcinsa. Wata shekara aka yi ruwa mai yawa, rafin ya sauya hanya. A arewacin gonar ya kutsa cikin ta kakana ya bar wa maƙwabci wani yanki, a kudanci kuma ya kutsa ta maƙwabcin ya bar wa kakana wani. Tsohuwar hanyar ruwa da sabuwa sun gitta juna a tsakiya. Da dattawa suka zauna, tambaya biyu ce a gabansu, kuma kowace da amsarta. Ta farko, wa ya ci riba, wa ya yi asara? A nan dole a ɗebe yankin arewa daga na kudu, kuma idan sun zo ɗaya sai a ce babu wanda ke bin wani. Ta biyu, ƙasa nawa ce ruwa ya raba da mai ita? A nan tarawa za a yi, domin gyaɗar da ke yankin arewa da dawar da ke na kudu duk suna nan, ɗaya ba ta shafe ɗaya ba. Intigireshan guda daga farko zuwa ƙarshe tambaya ta farko yake amsawa. Takardar jarrabawa da ta ce a nemi girman filin da layuka suka rufe, ta biyu take yi.

Ni dai sifilin nan ba ya ba ni tsoro. Amsa ce mai ihu. Duk ɗalibin da ya ga fili ya fito sifili zai tsaya ya yi tunani. Wadda nake tsoro ita ce amsar da ke zuwa cikin shiga ta mutunci, lamba mai kyan gani, wadda mutum zai ja mata layi biyu a ƙasa ya wuce tambaya ta gaba da murna. Ga misalin da na fi so, kuma zan bi shi a hankali domin duk abin da nake son faɗa yana cikinsa.

A nemi girman filin da y = x³ da y = x² + 2x suka rufe.

Ba a ba mu iyaka ba, don haka mahaɗar layukan ce za ta zama iyaka. Layi biyu suna haɗuwa ne a inda y ɗinsu ya zo ɗaya, saboda haka sai mu daidaita su:

x³ = x² + 2x

A daidai wannan layin ne rabin aji ke rasa makinsu, tun ba a fara intigireshan ba. Ido yana ganin x a kowane ɓangare, hannu yana ƙaiƙayi, sai a raba ko'ina da x. A samu x² = x + 2, a warware, a fito da x = −1 da x = 2. Duka biyun mahaɗa ne na gaskiya. Amma akwai ta uku, kuma an jefar da ita. Raba wa da x yana halatta ne kawai idan x ba sifili ba ne, to wanda ya raba ya riga ya yanke hukunci cewa x ba sifili ba ne, alhali idan ka sa sifili a layukan biyu, kowanne sifili yake bayarwa. Hanyar da ba ta zubar da komai ita ce a kwaso komai zuwa gefe ɗaya, a fitar da x waje, a bar shi tsaye a wurin:

x³ − x² − 2x = 0
x(x² − x − 2) = 0
x(x + 1)(x − 2) = 0

Mahaɗa uku ke nan: −1, 0 da 2. Mahaɗa uku kuwa suna rufe fili biyu, ɗaya daga −1 zuwa 0, ɗaya daga 0 zuwa 2.

Sai tambaya ta gaba: a kowane yanki, wane layi ne a sama? Idan kun iya zane, zane zai nuna. Amma ba sai an yi zane mai kyau ba. Tsakanin mahaɗa biyu da ke maƙwabtaka, layukan ba za su iya sauya matsayi ba, domin kafin na ƙasa ya hau sama dole ya ratsa ɗan'uwansa, ratsawar kuma da ta zama wata mahaɗar da muka gano. Don haka lamba ɗaya tak daga cikin yankin ta isa shaida. A yankin hagu mu ɗauki x = −1/2. Layin x³ ya ba da −1/8. Layin x² + 2x ya ba da 1/4 − 1, wato −3/4. Wanne ya fi girma? Nan ma akan yi saurin cewa −3/4, saboda 3/4 ya fi 1/8. Amma wanda ake bin sa naira ɗaya ya fi wanda ake bin sa naira shida sukuni. −1/8 ne a sama. A hagu ke nan x³ ne na sama. A yankin dama mu ɗauki x = 1. Layin x³ ya ba da 1, ɗayan ya ba da 3. An yi juyi, x² + 2x ya hau sama.

Ku lura da wani abu a yankin hagu: layukan biyu duk suna ƙarƙashin layin kwance na x. Ɗalibai da yawa sukan rikice a nan, su ce tunda filin yana ƙasa ai sai an ƙara masa wata mainos. Ba a bukata. Tazara tsakanin −1/8 da −3/4 ita ce 5/8, kuma na sama a ɗebe na ƙasa ya ba da ita kai tsaye. Idan mutum biyu suna cikin rijiya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, tazarar da ke tsakaninsu ba ruwanta da inda bakin rijiyar yake. A lissafin fili tsakanin layi biyu, inda ake yanka shi ne inda layukan suka gitta juna. Inda ɗayansu ya gitta layin x ba ya cikin lissafi.

Yanzu intigireshan. Yankin hagu, na sama a ɗebe na ƙasa, shi ne x³ − x² − 2x. Intigireshan ɗinsa zan kira shi F don sauƙi:

F(x) = x⁴/4 − x³/3 − x²

Idan aka sa 0, F sifili ne. Idan aka sa −1 sai a yi hattara da alamomi. Kashi na farko 1/4 ne. Na biyu, −1 sau uku −1 ne, ga kuma mainos a gabansa, ya koma +1/3. Na uku −1 ne. Jimla 3/12 + 4/12 − 12/12, wato −5/12. Girman yankin hagu shi ne F(0) − F(−1), wato 0 − (−5/12), wanda ya ba da 5/12.

A yankin dama an juya ɗebewar, ta zama x² + 2x − x³. Intigireshan ɗinta x³/3 + x² − x⁴/4 ne. Sa 2 ya ba da 8/3 + 4 − 4, wato 8/3. Sa 0 ya ba da sifili. Yankin dama 8/3 ne, ko 32/12.

A tara: 5/12 + 32/12 = 37/12. Ya ɗan haura 3 kaɗan, kusan 3.08.

To me wanda ya raba da x zai samu? Shi a wurinsa fili ɗaya ne daga −1 zuwa 2. Zai lissafa F(2) − F(−1). F(2) shi ne 4 − 8/3 − 4, wato −8/3. Sai −32/12 + 5/12, ya samu −27/12, wato −9/4. Ya ga mainos, ya tuna an ce fili ba ya zama mainos, ya goge ta, ya rubuta 9/4. Lamba ce tsaf-tsaf, 2.25, har ta fi 37/12 kyan gani. Na sha ganin ɗalibin da ya samu 37/12 yana leƙa takardar na kusa da shi, ya ga 9/4, ya fara shakkar tasa saboda kawai tasa ba ta yi kama da amsar littafi ba.

Wannan goge mainos ɗin a ƙarshe ita ce al'adar da na fi yaƙa a aji. Akwai inda take aiki: idan yanki ɗaya ne, ka juya na sama da na ƙasa, to duk kunyoyin sun fito da mainos tare, gogewa ta gyara su tare. Amma idan yanki biyu ne, cin junan ya riga ya faru a cikin tukunya kafin a sauke. Ku duba bambancin amsoshin biyu: 37/12 a ɗebe 27/12, saura 10/12. Wannan ninki biyu ne na 5/12, ƙaramin yankin. Ba a manta da shi kawai aka yi ba. Ya kamata a ƙara shi, sai aka rage shi, don haka asarar ta zama biyu. Kamar mai shago ne da aka biya shi bashin naira ɗari biyar, ya rubuta ta a shafin kuɗin da suka fita. Da yamma lissafinsa zai gaza da dubu ɗaya.

Wata rana wata ɗaliba, daga cikin masu zama a baya waɗanda ba su cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, to idan mutum yana cikin jarrabawa ya samu 9/4, ta yaya zai san ba daidai ba ne, tunda babu wanda zai gaya masa?” Tambayar ta fi darasin da na shirya. Abin da muka yi a allo ran nan shi ne awo na ƙiyasi, irin na mai sayen gona da ke taka ta da ƙafa kafin a kawo igiya. Mun auna tazarar layukan a wuri uku cikin yankin dama. A x = 0.5, na sama 1.25 ne, na ƙasa 0.125, tazara 1.125. A x = 1, tazara 2. A x = 1.5, na sama 5.25, na ƙasa 3.375, tazara 1.875. A bakin yankin biyu tazarar sifili ce. Faɗin kowace kunya rabi ne. Tara tazarar uku ya ba da 5, rabinsa 2.5. Wato yankin dama shi kaɗai ya kai wajen 2.5, kuma lissafin gaskiya ya ce 8/3, kusan 2.67, ba su yi nisa ba. To ta yaya filin gaba ɗaya zai zama 2.25, alhali ɓangarensa ɗaya ya fi haka? Ƙafar sa ba ta fin sa nauyi. Wannan awon bai fi minti biyu ba, kuma ba ya bukatar komai sai ninkawa da ɗebewa.

Akwai wata alamar da ta fi wannan sauƙi. Idan layin da ya fi ƙarfi a tambayar mai x³ ne, to mahaɗa za su iya kaiwa uku. Wanda ya samu biyu kacal ya kamata ya tambayi kansa ina ta ukun ta shiga kafin ya ci gaba. Wani lokaci da gaske babu ita, amma sau da yawa tana nan a sifili, inda aka raba da x aka binne ta.

Da zarar an yanka a wurin da ya dace, akwai 'yar sauƙaƙawa da nake bari ɗalibaina su yi. Ba dole ne a rubuta intigireshan biyu daban ba. F guda ta isa. A lissafa ta a mahaɗa uku: F(−1) = −5/12, F(0) = 0, F(2) = −8/3. Daga ta farko zuwa ta biyu an hau da 5/12. Daga ta biyu zuwa ta uku an sauka da 8/3. A goge mainos ɗin kowane yanki shi kaɗai, sannan a tara. Gogewar dai ita ce, bambancin kawai lokacinta: kafin tarawa ake yi. Sai dai a takardar jarrabawa ina ba da shawarar a nuna yankunan biyu a fili, a rubuta iyakar kowanne, domin mai duba takarda matakai yake bi, kuma ko an yi kuskuren ninkawa a ƙarshe, yankan da aka yi daidai yana da nasa makin.

Wani tarkon yana zuwa ne idan tambayar ta ba da iyaka da kanta. Misali, a nemi filin da ke tsakanin y = x² da y = x daga x = 0 zuwa x = 2. Tunda an ba da 0 da 2, sai mutum ya ga babu dalilin neman mahaɗa, ya zuba iyakokin ya samu 8/3 − 2, wato 2/3. Amma layukan sun gitta juna a x = 1, a tsakiyar filin. Daga 0 zuwa 1, y = x ne a sama, domin rabi ya fi rubu'i, kuma yankin 1/6 ne. Daga 1 zuwa 2, y = x² ne a sama, yankin 5/6 ne. Jimla 1 cif. Nan ma ku duba, 1 a ɗebe 2/3 saura 1/3, ninki biyu na 1/6. Iyakar da aka bayar tana faɗin inda za a fara da inda za a tsaya ne kawai, ba ta yi alkawarin cewa babu abin da ya faru a tsakani ba. Idan kuma an nemi mahaɗa aka samu wata a wajen iyakar, a ce a x = 5 alhali an tsaya a 2, sai a ƙyale ta, ba ta shafi filin ba.

Abu na ƙarshe, ba kowace haɗuwa ce gittawa ba. Ku gwada y = x² da y = x³ daga −1 zuwa 1. Daidaita su ya ba da x²(x − 1) = 0, mahaɗa a 0 da 1. A x = −1/2, x² ya ba da 1/4, x³ ya ba da −1/8, x² ne a sama. A x = 1/2, 1/4 ne da 1/8, har yanzu x² ne a sama. A sifili layukan sun taɓa juna ne kawai, suka gaisa, kowa ya koma matsayinsa. Alamar hakan tana cikin x² ɗin da ya fito waje: amsar sifili ta zo sau biyu, kuma x² ba ya sauya alama ko an zo masa ta hagu ko ta dama. A nan intigireshan guda daga −1 zuwa 1 ya wadatar, ya ba da 2/3. Wanda ya yanka a sifili ma bai yi asarar komai ba sai ɗan lokaci: zai samu 7/12 a hagu, 1/12 a dama, ya tara su ya dawo kan 8/12, wato 2/3 ɗin dai.